Ƙyallen da ke ƙasan teburin tela kuɗinka ne

Wanda ya sayi yadi a Kantin Kwari ko a kasuwar Haɗeja ya kai wa telansa a Kaugama, ya biya kuɗin kowane inci da aka auna masa, amma ba kowane inci ne zai hau jikinsa ba. Masu nazarin ɗinki, irin su Timo Rissanen da Holly McQuillan waɗanda suka wallafa littafi kan batun a 2016, suna ambaton kimanin kashi 15 cikin 100 a matsayin abin da ke zubewa wajen yanka. A kan wannan lissafin, cikin yadi biyar kusan inci 27 ne ke ƙarewa a shara. Ra'ayina shi ne a rage wannan asarar tun kafin almakashi ya taɓa yadi, kuma hanyar yin haka tana cikin ɗinkinmu na gado.

Babbar riga ta dā daga siraran saƙi ake haɗa ta, waɗanda faɗinsu bai wuce 'yan yatsu ba. Auduga ce da aka gurje, aka kaɗa zarenta da mazari, aka saƙa da hannu, don haka babu maɗinkin da zai yarda ya zubar da ita. Sai aka gina rigar kan miƙaƙƙun layuka. Jiki da hannuwa duk masu kusurwa huɗu ne, in kuma ana son ƙasan riga ya buɗe sai a cusa ƙyalle mai tsini a gefe. Dorothy Burnham ta gidan tarihi na Ontario a Kanada ta nuna a 1973 cewa a al'ummomi da yawa faɗin abin da masaƙa ta fitar ne ke tsara siffar tufa. Ɗinkin zamani ya juya al'amarin: ana zana siffar jiki da alli, da lanƙwasar hammata da ta kafaɗa da matsewar ƙugu, sannan a yanko ta daga yadi. Layi mai lanƙwasa ba ya kwanciya daidai da ɗan'uwansa, kuma abin da ke tsakaninsu shi ne ƙyallen da ke faɗuwa.

Ga misali da kaftani. A ɗauki yadi mai faɗin inci 60, da mutum mai ƙirji inci 42 da ke son tsawon riga inci 50. A fara yanke inci 52, don a bar wa ɗinkin kafaɗa da kalmasa inci biyu. A tsaga shi gida uku a tsaye: gaba inci 24, baya inci 24, sai ragowa mai faɗin inci 12. Wannan ragowar ita ce wadda aka saba jefarwa. A nan za a cire inci 10 daga tsawonta don aljihun ƙirji da shafin wuya, a raba sauran inci 42 gida biyu masu faɗin inci shida-shida. Kowanne a tsaga shi a karkace, yadda kai ɗaya zai zama inci biyu, ɗayan inci huɗu. An sami ƙyallaye huɗu ke nan, biyu a kowane gefe, daga hammata zuwa ƙasa. Bayan an cire rabin inci na ɗinki a kowane baki, ƙirjin rigar zai zama inci 50, ƙasanta kuma inci 58, wanda ya ishi mutum tafiya da zaman sallah.

Hannuwa kuma sai a sake yanke inci 26. Daga faɗin 60 a fitar da hannu biyu masu inci 20 kowanne. Inci 20 da suka rage a raba su bakwai, bakwai, shida: biyun farko a ninke su zama aljihun gefe, na ukun ya zama kwala da wurin maɓalli. Jimla inci 78, wato yadi biyu da inci shida, kuma abin da zai faɗi ƙasa bai wuce ɗan zagayen da aka ƙwaƙule na wuya ba.

Akwai wurare biyu da aikin ke ɓaci. Na farko, idan aka karkata tsagar ƙyallayen gefe duka ta hanya ɗaya, za a sami guda huɗu iri ɗaya, alhali ana buƙatar biyu masu fuskantar dama, biyu masu fuskantar hagu. Dole tsaga ta biyu ta karkata ta ɗaya ɓangaren. Na biyu, rabin ƙyallayen nan kai a ƙasa suke zama. A yadi marar zane ba kome, amma a atamfa mai fure da ke kallon sama aibin zai bayyana, haka ma a shaddar da ƙyallinta ke sauyawa idan an juya ta. Gwajin mai sauƙi ne: a jera gefe biyu na yadin, ɗaya a juye, a fita da su rana. In launi ya bambanta, a nemi wani tsarin.

Masu suka suna da hujja, kuma ya kamata a saurare su. Tsarin yana ƙara yawan ɗinki, ga tela a makon sallah ba ya da lokacin lissafi. Ba ya kuma bayar da matsattsen ɗinkin da matasa ke so. Sannan rashin ƙyalle a ƙasa ba shi ne tsimi ba, domin babbar riga cikakkiya takan ci yadi goma ko da ba ta bar kome ba. Ma'aunin gaskiya shi ne yawan yadin da aka saya don tufar da ake buƙata. Shi ya sa nake ganin gyaran yana hannun mai saye kamar yadda yake hannun tela. Mun saba cewa a ba mu yadi biyar ba tare da tambayar faɗinsa ba, alhali atamfa faɗinta wajen inci 45 ne, shadda kuwa ta fi ta sosai, kuma tsarin da ya dace da ɗaya ba ya zama a kan ɗayar. A je wurin tela tukuna, a gaya masa faɗin, ya faɗi adadi. In ya rage maka rabin yadi, ƙara masa ladan ɗinki bai zama asara ba.

Abin da ya rage duk da haka a ware shi bisa girma da iri. Ƙyallen da ya kai taƙi a mayar wa mai shi, domin shi ne facin da zai dace da rigar ranar da aljihu ya yage. Matsakaita su shiga shafin hula, rigar jariri, ko a harhaɗa su a yi shimfiɗa. Ƙanana ne kawai za a cusa a matashi, su ma sai a busasshen ɗaki, domin tsumman auduga na riƙe danshi, kuma daminar bakin fadama ba ta da sauƙi. Don gane iri, a ƙona ɗan zare: auduga tana warin takarda ta bar toka mai laushi, yadin roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Wannan na biyun ba ya ruɓewa a juji, hayaƙinsa na cutar da ƙirji, kuma a lambatu yana haɗuwa da leda ya tare ruwa. A ƙasar da ta ga ambaliyar 2022, kamar ƙasar Haɗeja, bai kamata buhun sharar tela ya ƙare a magudanar ruwa ba.