Kimiyya a Madafa: Kofi Ɗaya, Nauyi Uku

A kasuwannin Anka, Gummi da Bukkuyum, da mudu da gwangwani ake auna hatsi da sukari, amma littafin girki da darasin kimiyya da giram suke magana. Idan aka ce ku kwaɓa fulawa giram 500, kofi nawa za ku ɗiba? Wanda ya kuskure wannan lissafi zai iya asarar fulawa da mai, musamman masu taya iyaye soya fanke ko cincin na sayarwa.

Abu na farko da za ku riƙe shi ne, kofi yana auna fili ne, wato yawan gurbin da abu ya cike, da mililita ake faɗinsa. Shi kuwa sikeli nauyi yake aunawa, da giram. Kofin awo na littattafan girki yana cin kusan mililita 240. Idan kuka cika shi da ruwa, ruwan zai yi giram 240, domin kowane mililita na ruwa giram ɗaya ne. Daga nan ne wasu ke ɗauka cewa kofin komai giram 240 ne. Ba haka ba ne. Idan aka cika wannan kofi aka shafe bakinsa, fulawa kusan giram 125 ce, ɗanyar shinkafa kusan giram 185, sukari kuma kusan giram 200.

Abin da ya kawo bambancin shi ne abin da malamin fizis ke kira dansiti, wato giram nawa ne ke cikin kowane mililita ɗaya na abu. Ana samunsa ta raba nauyi da fili. Raba 125 da 240 zai ba ku 0.52 ga fulawa. Shinkafa za ta ba ku 0.77, sukari kuma 0.83.

To, me ya sa fulawa ta fi sauƙin nauyi haka? Amsar ita ce iska. Ƙwayar sukari ita kaɗai tana da dansiti kusan 1.6, ƙwayoyin fulawa da na shinkafa kuwa suna wajen 1.4 zuwa 1.5. Kun ga su kansu ƙwayoyin ba su yi wa juna nisa ba. Inda aka rabu shi ne yadda suke zama a cikin kofi. Ƙwayoyin sukari da na shinkafa suna da santsi da ɗan nauyi, suna gangarawa su zauna kusa da juna, sai su cike kusan rabin kofin, sauran rabin iska. Ƙwayoyin fulawa kuwa ƙanana ne ƙwarai, suna manne wa juna su yi dunƙule-dunƙule, su bar ramuka a tsakaninsu. Kusan kashi biyu cikin uku na kofin fulawa iska ce.

Kuna iya ganin wannan iska da idonku. Ku cika kofi da ɗanyar shinkafa, ku shafe baki, sannan ku riƙa zuba ruwa a hankali. Kofin da kuka ce ya cika zai karɓi ruwa wajen mililita 100 kafin ya kawo baki. Ruwan ya shiga gurbin da iska take ne. Kada ku gwada da sukari, don narkewa zai yi.

Yanzu mu yi lissafi. Dokar guda ce: nauyi daidai yake da fili sau dansiti. Idan kuma giram aka ba ku, sai ku raba shi da nauyin kofi ɗaya na wannan abin. A ce littafi ya ce a yi fanke da fulawa giram 500 da sukari giram 100. Fulawa: 500 ÷ 125 = kofi 4. Sukari: 100 ÷ 200 = rabin kofi.

Ku duba abin da zai faru da wadda ta ɗauka kofin komai giram 240 ne. Za ta ɗibi fulawa kofi biyu, tana ganin ta kusa giram 500, alhali giram 250 kacal ta zuba, rabin abin da ake so. Sukarinta kuwa zai kai giram 80 da ɗoriya, kusan yadda aka ce. Idan ta zuba ruwa yadda littafin ya faɗa, kwaɓin zai tsinke, fanken ya baje a cikin kasko, ya sha mai, ya kuma yi saurin yin duhu saboda sukari ya yi wa fulawar yawa. Waɗannan alamu ne da ke nuna fulawa ta gaza.

Amma a gidajenmu ba kowa ke da kofin awo ba, gwangwanin madara ya fi yawa. Sai ku fara gano filin mazubinku. Ledar fiya wata tana ɗauke da mililita 500. Idan leda ɗaya ta cika kofinku sau biyu, kofin na mililita 250 ne. Idan ta cika gwangwani sau uku har ɗan ruwa ya rage, gwangwanin yana wajen mililita 160. Da wannan gwangwani, fulawa 160 × 0.52 ce, wato kusan giram 83. Shinkafa giram 123, sukari giram 133. Ke nan fanken ɗazu zai ci fulawa gwangwani 6 da sukari kashi uku cikin huɗu na gwangwani.

Sai dai waɗannan lambobi suna da iyaka. Idan aka cusa kofi cikin buhun fulawa aka danna, iskar za ta fice, kofin ya kai giram 150 ko fiye. A kofi huɗu an ƙara giram 100 ke nan ba a sani ba, kwaɓi ya yi tauri. Don haka ku motsa fulawar tukuna, ku zuba da cokali, kada ku girgiza, ku shafe baki da bayan wuƙa. Tozon da ake yi wa mudu a kasuwa ba ya cikin wannan lissafi. Shinkafa ma iri-iri ce: shanshera mai ɓawo ta fi gyararriya sauƙin nauyi a mudu, dafaffiya kuwa ta sha ruwa ta kumbura, lissafinta daban. Inda ake son daidaito sosai, sikeli ya fi.

Mutanen Abare sun san aikin dansiti tun kafin su ji sunansa. Zinare yana da dansiti 19.3, yashi kuwa bai kai 3 ba, shi ya sa idan ana wanke ƙasa ruwa ke tafiya da yashi, zinare ya kwanta a ƙasan kwano. A cikin irin wannan dutse ne dalma take, wadda gubarta ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, har da Abare. Saboda haka kwano ko gwangwanin da ya taɓa garin dutse kada ya kusanci abinci, ko da don gwaji ne.

Ga aikin wannan mako. Kofinku na mililita 250 ne, an ce ku kawo ɗanyar shinkafa kilo ɗaya da fulawa kilo ɗaya. Kofi nawa za ku ɗiba na kowanne, kuma wanne ne zai buƙaci babbar leda? Ku rubuta lissafin dalla-dalla, ku nuna wa malaminku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.