Albashin da ke cikin talla daban, wanda ke shiga asusu daban

Jama'a, tallan neman ma'aikata da ake ta turowa a guruf-guruf ɗin nan, yawancin yaranmu sunan kamfani da ranar rufewa kawai suke dubawa. Akwai kalmomin Turanci uku da ake tsallakewa: rimunareshan fakej, furobeshan, da nigoshiyebul. A ganina wanda bai fahimce su ba yana iya ajiye aikin da ke hannunsa ya koma wanda bai kai shi ba, yana murna ana taya shi.

Fakej ba albashin wata ba ne. Jimillar abin da kamfani ya lissafa zai kashe a kanka ne a shekara, har da kuɗin da ba za ka taɓa riƙewa a hannunka ba. Mu ɗauki misali. A ce takardar ɗaukar aiki ta ce fakej ɗinka naira 3,600,000 ne a shekara. Nan take mutum zai raba gida 12, ya ga 300,000, ya kira gida ya ce a fara nema masa haya mai ɗaki uku.

To a nemi a warware kuɗin tukuna. Sai ka tarar ainihin albashi da kuɗin haya da na mota, wato abin da ake biya duk wata, 2,400,000 ne a shekara. Ragowar 1,200,000 ɗin fa? 240,000 kason da kamfani ke zuba maka ne a asusun fansho, 120,000 inshorar lafiya, 140,000 kuɗin hutu, 200,000 albashin wata na 13 da ake bayarwa a Disamba, sai 500,000 garaɓasar ƙwazo, wadda sai kamfani ya ci riba kuma ogan ka ya yaba da aikinka. Babu ƙarya ko ɗaya a lissafin, amma ba da shi za ka auno masara a ƙarshen wata ba.

Saura 200,000 ke nan a wata, kuma ita ma ba a gama da ita ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, mai ɗaukar aiki kashi 10. Naka kason 16,000 ne, an cire. Sai haraji. A sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 ta farko a shekara ba a taɓa ta, 2,200,000 da ke biye ana cire mata kashi 15. In ka lissafa a kan abin da ya rage bayan fansho, harajin zai kama 17,600 a wata, sai dai in ka nemi rangwamen kuɗin haya ya ɗan sauka. Alat ɗin da zai shigo wayarka 166,400 ne. Wanda ya bar aikin da yake karɓar 180,000 a hannu saboda ya ga miliyan uku da dubu ɗari shida, ya rage wa kansa cefane duk wata, yana jiran Disamba.

Kuma kaiwa Disambar ma ba tabbas ba ne, nan ne furobeshan ya shigo. Lokacin gwaji ne kafin a tabbatar da kai. Mu a aikin gwamnati shekara 2 ne, akwai jarrabawar tabbatarwa, kuma albashinka na matakinka yana tafiya yadda yake. A kamfanoni galibi wata 3 ne ko 6, kuma abin da aka rubuta a takardarka shi ne hukunci. Wasu sukan rubuta cewa babu inshorar lafiya, babu kuɗin hutu, babu garaɓasa sai an tabbatar da kai. Wasu har albashin suke ragewa a tsawon lokacin. Mu koma kan mutuminmu: in aka sallame shi a ƙarshen wata na 5, abin da ya shiga hannunsa gaba ɗaya 832,000 ne daga cikin 3,600,000 ɗin da ya yi wa murna, ga tsohon aikin an riga an ba wani.

Sallamar kuma ba ta da wuya. Dokar ƙwadago, ga waɗanda ta shafa, wato leburori da ƙananan ma'aikatan ofis, ta ce wanda bai wuce wata 3 ba sanarwar kwana ɗaya ta wadatar, wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba mako ɗaya. Manyan ma'aikata da ƙwararru kuwa takardar yarjejeniyarsu ce madogara. Saboda haka kafin ka sa hannu ka nemo layi uku a takardar: tsawon gwajin, ko suna da ikon ƙara shi da iya wata nawa, da sanarwar kwana nawa za a ba ka in za a rabu. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne a ce wata 6, shekara ta zagayo babu takardar tabbatarwa, babu ta sallama, mutum na nan a rataye. In wa'adin ya cika, rubuta musu cikin ladabi kana tuni, ka ajiye kwafi. Ranar da magana ta kai Kotun Ma'aikata, takarda ake dubawa, ba “ai oga ya ce min” ba.

Sai nigoshiyebul, wato akwai ciniki. Mu a gwamnati babu wannan, mai digiri mataki na 08 zai fara, ko ɗan wane ne. A kamfani kuwa suna da iyakar da suka ware tun kafin su buga tallan, kai ne kawai ba ka san ta ba. Shi ya sa suke riga ka da tambayar nawa kake so. A nan kunyarmu take cutar mu. Yaro ya sunkuyar da kai ya ce duk abin da aka ba shi Allah Ya amfana, mai ɗaukar aiki kuwa ya rubuta masa mafi ƙanƙanta, ya ci riba. Mutumin da zai yi minti goma yana taya buhun shinkafa a Dawanau, sai ya kasa taya guminsa na shekara.

Ba rashin kunya ba ne ka ce, “Ranka ya daɗe, nawa zuwa nawa aka ware wa wannan kujerar?” In suka nace sai ka faɗa, ka faɗi abin da kake so ya shigo asusunka a wata bayan an cire fansho da haraji, ka bayyana musu haka ƙarara. In ka ce 250,000 ka yi shiru, su za su ɗauka kafin a cire komai kake nufi. Lokacin cinikin kuma shi ne bayan sun ce kai suke so, kafin ka sa hannu. In albashin ya ƙi motsi, a taɓa sauran: gwajin ya dawo wata 3, inshorar lafiya ta fara daga ranar farko, ko a rubuta adadin da za a ƙara ranar tabbatarwa.

Su ma kamfanonin ina da magana da su. Tallan da ba a sa ko kimar albashi ba zalunci ne a kan mai nema. Yaro zai ranci kuɗin mota daga Gusau zuwa Abuja, ya kwana a tasha, ya yi intabiyu sau biyu, sannan a faɗa masa adadin da ko hayar ɗaki a Mararaba ba zai riƙe ba. Da an rubuta “daga kaza zuwa kaza” a tallan, da tun a gida ya san ko tafiyar ta karɓe shi.