Ku bar musayar kati, ku kawo juyin mulki

Masu cewa a soke musayar kati a kartar Shugaba, ban yarda da ku ba. Gaskiya ne, na ƙarshe yana miƙa wa shugaba manyan katinsa biyu, a mayar masa da tarkace. To in an cire wannan, wa zai ji tsoron zama kurar baya? Ciwon wasan a fadojinmu na Tsarnawa shi ne shugaba ba ya faɗuwa. A Japan suna da magani: wanda ya ajiye kati huɗu masu lamba ɗaya ya kifar da tsari, 3 da ke ƙasa ta doke 2 da ke sama. Nan take tarkacen talaka sun zama makami, ganimar shugaba ta zame masa kaya. Mu ɗauki wannan doka.