Minti uku kafin ka fita: abin da na ɗora yayana a kai

1/ Zare ne ga mazan da ba su taɓa shafa komai a fuska ba sai ruwa. Ra'ayina: abu uku sun ishe ka da safe, wanki, mai, da man kariya daga rana. Duk wanda ya ce sai ka sayi kwalabe bakwai, kasuwarsa yake nema.

2/ Yayana ne ya ja na rubuta wannan. Shagon gyaran waya gare shi, ƙarfe bakwai ya hau babur, sai bayan magariba. Da sabulun wanki da soso yake dirje fuska. Da hunturu ta yi furu-furu, kafin azahar kuma goshi da hanci na ƙyalli kamar an soya ƙosai a kai. Ga baƙaƙen tabbai a wuya, inda ƙurajen aski suka mutu.

3/ Na zo hutu daga makaranta na tarar ya sayo wani haɗi a roba marar suna, wai zai goge tabon cikin sati ɗaya. Na ce, "Yaya, don Allah ajiye wannan, ka ba ni wata biyu." Ya ce, "Kai, ni ina da lokacin kwalliya ne?" Na ce minti uku ne, in ya wuce haka ka daina.

4/ Dalilin da na hana shi: man da ke haska fata cikin kwanaki, sau da yawa akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, ko sinadarin bilicin. Da fari fuska ta yi sumul. Daga baya fata ta yi siriri, ƙuraje su feso, rana ta fi ƙona ka, in ka daina kuma tabon ya dawo ya fi na da.

5/ Na farko, wanki. Ajiye sabulun wanki, ajiye soso. Fatar fuska tana da ɗan tsami-tsami na halitta, ma'auninta na pH wajen 5 ne, sabulun sanda na yau da kullum kuwa 9 zuwa 10. Shi ya sa yake kwashe maiƙon da ke tsare fatar gaba ɗaya, ba datti kaɗai ba.

6/ Nemi sabulun fuska na ruwa marar ƙarfi, wanda ake ce wa kilinza, marar ƙamshi in da hali. Ka jiƙa fuska, ka murza kaɗan da yatsu na daƙiƙa 30, ka ɗauraye. Ruwa mai ɗumi ko na randa, ba mai zafin da ke tiriri ba. Ka dangwala tawul, kar ka goga.

7/ Ga yadda za ka gane sabulunka ya yi maka ƙarfi: ka wanke, ka jira minti biyar, ka yi murmushi. In ka ji fatar kumatu ta ɗaure kamar za ta tsage, wannan ba tsafta ba ce, bushewa ce. Yayana shekara da shekaru yana ɗaukar wannan ɗaurewar a matsayin "ta fita tas".

8/ Na biyu, mai. Nan muka yi gardama. Ya ce fuskar da ke tatsar maiƙo me za ta yi da ƙarin mai? Amma maiƙo daban, ruwan jikin fata daban. Fata tana iya ƙyalli a sama alhali ta bushe, musamman wadda ake dirza kullum. Aikin man shafawa shi ne riƙe ruwan.

9/ Kamar ƙwayar gyaɗa ɗaya ya isa fuska duka, kuma ka shafa tun fatar na da ɗan danshi. In kai mai maiƙo ne, nemi mai ruwa-ruwa wanda ke shigewa nan da nan. In ka ga gilisarin a jerin kayan haɗinsa, madalla. Basilin da man kaɗanya suna da kyau ga leɓe, gwiwar hannu da faso. A fuskar mai yawan ƙuraje kuwa, ga zafi ga ƙurar Kano, nauyi suke yi.

Mai gemu, ka kai man har fatar da ke ƙarƙashi. Farin garin da ke zubo maka a riga yawanci daga can yake.

10/ Na uku shi ne wanda maza ke tsallakewa, kuma a ganina in za ka yi ɗaya tak, shi za ka yi: man kariya daga rana, sanskirin. Na san amsar: "Mu baƙar fata me rana za ta yi mana?" Gaskiya ne, launinmu yana ba mu kariya, ba ma saurin ƙonewa. Sai dai matsalarmu wata ce. Duk inda ƙurji ya fito ko reza ta ji mana ciwo, fatarmu na barin baƙin tabo, rana kuma ƙara masa duhu take tana hana shi dushewa. Tabban wuyan yayana ke nan: kullum suna shan rana a kan babur.

11/ A jikin kwalba ka duba SPF 30 ko sama, ka kuma ga an rubuta yana tare UVA da UVB. SPF 30 na tare kusan kashi 97 cikin ɗari na UVB, SPF 50 kusan 98. Bambancin kaɗan ne, kar ka ƙure aljihunka a kan lamba.

12/ Inda ake faɗuwa shi ne yawa. Ka matso layi biyu, ɗaya a kan manuni ɗaya a kan ɗan yatsan tsakiya, daga tushe zuwa kai. Wannan na fuska da wuya ne, ka haɗa da kunne da ƙeya. In ka ɗan dangwala don kar ya ƙare, ba ka samun lambar da ka biya wa kuɗi. Ka shafa kamar minti 15 kafin fita, wato kafin ka zauna shan shayi.

13/ Kwalbar farko da na saya masa kuskurena ce. Irin mai sinadarin zinki ce, ta bar masa fuska toka-toka, yaran shago suka tambaye shi ko sumunti ya sauke. Kwana biyu ya jefa ta a durowa. Ka gwada a bayan hannunka tukun, ka ga ko farin ya ɓace. Ta biyu marar farin ce, ita ya riƙe.

14/ Iyakarsa: ba ya kwana ɗaya cur. Gumi na wanke shi, alwalar azahar ma haka. In cikin rana kake wuni, ƙa'idar ita ce sabuntawa duk awa biyu. Yayana a inuwar shago yake, don haka sai in zai fita sayo kaya da rana yake ƙarawa. Ƙaramar kwalba na cikin jakar kayan aikinsa, kusa da sukundireba.

15/ Kar ka fara ukun rana ɗaya. Ka soma da sabulun, bayan kwana uku ko huɗu ka ƙara mai, sannan na rana. In wani ya sa ka ƙaiƙayi ko raɗaɗi, za ka san wanne ne. In kuma ƙurajenka masu ciwo ne, manya, masu mugunya, wannan zaren ba zai warkar da su ba, likitan fata za ka gani.

16/ Furu-furun ya tafi cikin sati guda. Tabban suna nan har yanzu, sun dai yi haske bayan wata biyu, irinsu watanni suke ɗauka. Ya kuma bar reza ya koma kilifa, ba ya kwashe gashin wuya har ƙasa, sababbin ƙurajen sun ragu. Man tsakiyan yakan tsallake shi in ana zafi, na ƙyale shi, tunda na ranar da yake shafawa yana da danshi. Jiya ya kira ni, ba gaisuwa ba komai: "Kai, abin nan ya kusa ƙarewa, a ina ka ce ka saya?"