Hausa a ajin CI, Ingilishi a kwaleji: binciken da muke son a yi a Ɗan Kassari

Tun watan Maris na 2025, da kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, gardama ɗaya ke yawan dawowa a fada da zaure: in yaro ya fara lakwal da Hausa, ba zai makara a Ingilishi ba? Maƙwabtanmu na Najeriya sun ƙara wa gardamar wuta a Nuwamban 2025, lokacin da ministan iliminsu, Tunji Alausa, ya soke tsarin koyarwa da harshen uwa.

Masu goyon bayan Hausa sukan kawo misalin Ile-Ife. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji inda yara suka yi shekara shida ana koya musu komai da Yarbanci, Ingilishi kuma darasi ne kawai, kuma ba a bar su a baya ba a Ingilishin. Hujja ce mai kyau, amma ba tamu ba ce. Can Ingilishi harshe na biyu ne. Yaron Lugu ko Bagaji sai ya ratsa Faransanci tukuna, Ingilishi ya tarar da shi a siziyam, ajin farko na kwaleji. Nijar ta buɗe makarantar gwaji da Hausa a Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa wuri a aji. To lokaci ya yi da za mu auna namu yaran a nan Arewa.

Ga shawararmu ga ɗaliban sashen Ingilishi na Jami'ar Abdu Mumuni da ke neman abin bincike. A fara da ofishin sufeton makarantu a Dutsi da Tibiri, a ware makarantun da ke koyar da karatu da Hausa a CI da CP. Sai a ɗauki yara kamar 200 da suka shiga siziyam, rabi daga irin waɗannan makarantu, rabi daga na Faransanci zalla. A Oktoba, kafin darasin Ingilishi ya yi nisa, kowane yaro ya karanta gajeren labari da ƙarfi na minti ɗaya da Hausa, wani da Faransanci, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. A Yuni a gwada shi a Ingilishi, a bi shi har BEPC, shekara huɗu ke nan.

Kada a tsaya ga maki, a saurari irin kuskuren. Harafin h Bahaushe na furta shi, Ingilishi ma haka a yawancin kalmomi, Faransanci kuwa haɗiye shi yake yi. Haɗin sh ma iri ɗaya ne a bokon Hausa da Ingilishi. Amma harafin c na "ciki" zai iya yaudarar wanda ya fara da Hausa, tunda a Ingilishi sau da yawa k ake jinsa. In an rubuta waɗannan, za a gane daga wane harshe kuskuren ya fito, mushe kuma ya san inda zai gyara.

Wurin da irin wannan bincike ke lalacewa shi ne yaran da suka ɓace a hanya. A ce makarantu biyu kowace ta ɗauki yara 50 a CI. Ta Faransanci zalla ta kai 10 kwaleji, ta Hausa ta kai 25. Goman nan zaɓaɓɓu ne, makinsu na Ingilishi zai iya fin na 25 ɗin, sai a ce Hausa ta faɗi, alhali ita ce ta tsallakar da yara 15 fiye da ɗayar. Dole ƙirga ta fara daga rajistar CI, ba daga ƙofar kwaleji ba.

Haka kuma sunan makaranta ba shaida ba ne. Allo zai iya cewa harshe biyu, amma littafin Hausa babu, ko an turo mushen da bai taɓa koyon rubuta ƙ da ɗ ba. Mai bincike ya zauna cikin aji ya gani da idonsa. Ya kuma kwatanta yaran da malamin Ingilishi ɗaya ke koyarwa, ya tambayi wa ya taɓa zama wajen dangi a Sakkwato ko Birnin Kebbi, don wannan ya shigo da guzurinsa na Ingilishi tun daga gida.

Abin da muke roƙo shi ne, in sakamako ya fito, a kawo shi nan Ɗan Kassari a karanta wa iyayen yara da Hausa, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba. Mu dai makirifonmu a buɗe yake ranar.