Daga Kwatano: "Hamsin-hamsin" ɗin nan ƙafa ce ko mita?

Makon jiya wani dattijo maƙwabcina a nan Houéyiho, wanda ya yi fiye da shekara 30 yana kasuwancin atamfa a Dantokpa, ya miƙo mini wayarsa bayan sallar Magariba. Wani dillali ne daga Kano ya turo masa talla: "Gida na sayarwa a Rijiyar Zaki, hamsin-hamsin, ciki da falo biyu, takarda cikakkiya, miliyan 18." Ya ce, "Ɗana, duba mini wannan. Ni dai na ga araha." Na ce, "To Baba, bari mu bi ta a hankali."

Dillalin bai yi ƙarya ba. Ya rubuta wa mutumin Kano ne, wanda zai hau adaidaita ya je ya gani da idonsa. Mu da ke nan, kunnenmu ya saba da wani lissafin daban.

Na fara da awo. A Kwatano da mita ake sayar da fili, a Kano kuwa da ƙafa. Baba ya ɗauka mita 50 ce ta kowane gefe, wato murabba'in mita 2,500, filin da zai ɗauki makaranta. Alhali ƙafa 50 mita 15 ce da ɗoriya kaɗan, duka filin kuwa kimanin murabba'in mita 232. Abin da ya hango ya ninka na gaskiya fiye da sau goma. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe ko wurin ajiye mota sai an yi dabara."

Sai batun takarda, inda kuɗin mutane suka fi salwanta. "Cikakkiya" ba sunan kowace takarda ba ne. A bakin dillali tana iya zama takardar ciniki mai hannun mai unguwa da shaidu, tana kuma iya zama shahadar mallaka ta gwamnati, wadda aka fi sani da satifiket. Tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, saboda haka abin da mutum ke saye a birni haƙƙin zama ne na wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama. Wanda ya saba da shahadar fili ta nan Benin, wadda ba ta da wa'adi, dole a fayyace masa wannan. Kuma ko gidan na da satifiket, sunan mai shi na farko ne a kai. Mayar da shi sunanka sai da amincewar gwamna, da kuɗinta daban.

Takardar mai unguwa ba banza ba ce, gidaje da yawa a unguwannin awon igiya da ita ake cinikinsu. Amma ba ta nuna ko filin ya hau hanya, ko gadon da ba a raba ba ne, ko an taɓa sayar wa wani. Don haka talla ta mutanen waje ta ambaci sunan takardar, da lambar fayil idan akwai, yadda ɗan'uwanka ko lauya zai je KANGIS ya bincika kafin a biya ko sisi. Dillalin da ya yi ta kewaye-kewaye a kan lamba, ni a wurina ya riga ya ba da amsa.

Kuɗi kuwa, a rubuta "naira" ɓaro-ɓaro, da ranar da aka sa farashin. Miliyan 18 a kunnen ɗan Zongo sefa ce. Kada a juya farashin zuwa sefa a cikin tallar, domin sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa tun 2023 ba ta zama wuri ɗaya.

Muka kira dillalin, ya amsa tambayoyinmu ba gardama, na sake rubuta tallar a gaban Baba kamar haka: "Gida a Rijiyar Zaki, Kano. Fili ƙafa 50 da ƙafa 50, kimanin murabba'in mita 232. Ciki da falo guda biyu, da rijiya, ba famfo. Awon igiya ne, takardar mai unguwa, babu satifiket. Naira miliyan 18 a farashin yau, la'adar dillali daban. Masu sayarwa magada ne su huɗu."

Wannan jimla ta ƙarshe ba ta cikin tallar farko, sai da na tambaya ta fito. Baba ya karanta sau biyu, ya ce a gaya wa ƙaninsa da ke Kurna ya je ranar Asabar ya ɗauko bidiyon layin tun daga bakin titi, ya kuma tambayo ko duka magadan huɗu za su sa hannu a zama ɗaya.