Kare da Jiniya: Me Ya Sa Yake Wannan Dogon Kuka?

Uwargida, shekaranjiya motar asibiti ta wuce da jiniya, karen maƙwabta ya ɗaga baki sama ya kama kuka, autata ta ƙanƙame ni wai mutuwa ya hango. Haka yake yi in ladan ya ja murya a lasifika.

Gado ne. Kare jinin kyarkeci ne, su kuwa da dogon kuka suke kiran juna daga nesa. Duk sautin da ya ja, yana hawa yana sauka, sai ya yi masa kama da kiran ɗan'uwa, ya amsa. Sautin na yankewa zai yi shiru.

Amma in kukan ya ƙi ƙarewa, ga dalalar miyau, ga cizon duk abin da ya samu, ki janye yara, a kira likitan dabbobi.